Daga Haɗuwa Zuwa Aiki Gadan-gadan: Matakan Girman Tawaga Da Abin Da Ke Wuyan Shugaba

A shekarar 1965 wani matashin masanin halayyar ɗan'adam mai suna Bruce Tuckman yana aiki a cibiyar binciken lafiya ta sojojin ruwan Amurka da ke Bethesda, a jihar Maryland. Sojojin ruwa suna son sanin abin da ke faruwa idan aka haɗa 'yan mutane kaɗan wuri ɗaya aka ce su yi aiki tare, domin haka rayuwar cikin jirgi take. Na gaba da shi a wurin aiki, Irwin Altman, ya miƙa masa tarin maƙalu 50 da aka rubuta kan ƙananan rukunonin mutane, ya ce ya duba ko zai ga wani abu da ya haɗa su. Abin da Tuckman ya gano shi ne yawancin rukunonin sun bi ta matakai huɗu a jere: haɗuwa, taƙaddama, daidaitawa, sannan aiki gadan-gadan. A 1977 shi da Mary Ann Jensen suka sake duba wasu bincike 22, suka ƙara mataki na biyar, wato rabuwa.

Tun daga lokacin wannan tsari ya shiga littattafan koyar da shugabanci, har ya zama kusan duk wanda ya taɓa halartar bitar ma'aikata ya gan shi a jikin allo. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake koyar da shi kamar tsani, ana haddace sunayen matakan ana wucewa. Amfaninsa na gaskiya yana wuri ɗaya: yana koya wa shugaba cewa abin da ya dace ya yi a makon farko zai iya zama kuskure a mako na shida, kuma shirun da yake gani a tawagarsa iri biyu ne. Akwai shirun mutanen da ba su saba da juna ba, akwai kuma natsuwar waɗanda suka riga suka yi saɓani suka warware. Shugaban da bai iya rarrabe su ba zai ɗauka ya iso, alhali ko tashi bai yi ba.

Don maganar ta zauna sosai, bari mu ƙaddara wani misali mu bi shi daga farko. Wani maigidan shagon ɗinki ya samu kwangilar kayan makaranta, riga da wando saiti 600, a cikin mako takwas. Shi da yaransa biyu ba za su iya ba, sai ya gayyato wasu teloli biyu daga wani shago, da wani dattijo gwanin yanka, ya kuma ɗauki yaro mai sa maɓalli da guga. Sun zama bakwai ke nan. Lissafin bai da wuya: sai an fitar da saiti 75 kowane mako.

A makon farko shagon zai yi daɗin zama. Gaisuwa za ta yi tsawo, kowa na kiran dattijon nan Baba, baƙin teloli na ce wa yaran shago Yaya ko da sun girme su da wata biyu kacal. Ba mai musu. Duk abin da aka tambaya sai a ce a jira Maigida. Wannan shi ne matakin haɗuwa, kuma Tuckman ya siffanta shi da abu biyu: gwaji da dogaro. Kowa yana gwada iyakar abin da zai iya faɗa ko yi ba tare da an ga laifinsa ba, kuma kowa ya jingina ga shugaba don ya nuna hanya. A zuci kuwa tambayoyi ne fal. Nawa za a biya ni, kuma yaushe? Wa ke sama da wa a nan? Idan na ɓata yadi, daga kuɗina za a cire?

A nan shugaba da yawa kan yi kuskure saboda kyakkyawar niyya. Yana so a ce shi mai sauƙin kai ne, sai ya ce, "Ai duk ku ƙwararru ne, kowa ya yi yadda ya saba." Wannan magana tana da daɗin ji, amma tana barin kowa cikin duhu, domin yadda aka saba a wancan shago daban yake da na nan. Aikin shugaba a wannan mataki shi ne ya yi bayani ƙarara, har ya ji kamar ya cika magana. Ya tara su ranar farko kafin a taɓa keke. Ya ɗinka saiti ɗaya na samfuri ya rataye a bango, ya ce ga faɗin kalmasa, ga inda aljihu zai zauna, ga yawan maɓalli. Ya faɗi adadin mako, ya faɗi wanda ke da ikon cewa a warware ɗinki a sake, ya faɗi tsarin biya da ranar biya. Ya kuma gabatar da kowa da abin da ya iya, don kada a bar mutane su gano darajar juna ta hanyar gasa.

Kada a raina wannan zama na farko. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta fitar da wani nazari a 1994 kan manyan haɗurran jiragen sama da kuskuren matuƙa ya shiga cikinsu, tsakanin 1978 da 1990. A cikin waɗanda aka samu cikakken bayaninsu, kashi 73 cikin ɗari sun faru ne a ranar farko da matuƙan suka fara tashi tare. Adadin haɗurran bai da yawa, don haka ba a gina doka a kansa, amma yana nuna abu muhimmi. Matuƙan nan duk ƙwararru ne. Abin da suka rasa shi ne sanin juna. Richard Hackman, wanda ya koyar a jami'ar Harvard, ya sha kafa hujja da wannan adadi wajen nuna cewa tara gwanaye daban, gina tawaga daban.

A shagonmu, makon farko ya ba da saiti 40, na biyu 55. A mako na uku sai adadin ya koma 45, kuma makarantar ta dawo da wasu riguna saboda hannunsu ya yi gajere. Nan aka shiga mataki na biyu, wanda zan fi daɗewa a kansa domin a nan tawagogi ke mutuwa.

Littattafan da aka rubuta a Amurka sukan siffanta taƙaddama da ɗaga murya a taro da ƙalubalantar shugaba ido da ido. A wurinmu sau da yawa ba haka take zuwa ba. Kunya da kara ba sa barin yaro ya dubi dattijo ya ce masa yankansa ne ya kauce. Saɓanin yana nan, sai dai ya bi ta ƙarƙashin ƙasa, kuma alamunsa sananne ne ga mai lura. Baƙin teloli biyu sun daina cin abinci tare da sauran. Wanda ke zuwa ƙarfe takwas ya koma tara da rabi, kullum da uzuri. Habaici ya yawaita, ana magana da yaro mai guga amma da wani ake. Ana ce wa Maigida "to" a gabansa, a ci gaba da yin yadda ake yi. Ɗaya bayan ɗaya kuma suna tsare shi a bakin ƙofa bayan la'asar: "Maigida, ba wai ina kawo ƙara ba ne, amma ka duba yankan nan na Baba." Duk lokacin da shugaba ya ga maganganu sun fi yawa a bayan taro fiye da cikin taro, to tawagarsa tana cikin taƙaddama ko da ba a taɓa jin muryar kowa ta tashi ba.

Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji Bahaushe. Wannan mataki ba alamar lalacewa ba ne. Yana zuwa ne saboda aikin ya fara matsa wa mutane, kuma alkawuran fatar baki na makon farko sun ci karo da zahiri. Shugaba na da hanyoyi uku na ɓata al'amari a nan. Zai iya danne maganar da nasiha, ya tara su ya ce a ji tsoron Allah a zauna lafiya, kowa ya ce amin, a watse ba a taɓa matsalar ba. Zai iya ɗaukar ɓangare, yawanci ɓangaren yaransa na da. Zai iya kuma zama akwatin ƙorafi, yana jin kowa a keɓe yana lallashi, har ya wayi gari shi kaɗai ne igiyar da ta haɗa mutum shida da ba sa magana da juna.

Abin da ya dace shi ne ya ciro saɓanin daga jikin mutane ya ɗora shi a kan aiki. Masana sun daɗe da raba saɓani gida biyu, kuma Karen Jehn ta yi fice a wannan da bincikenta na 1995: akwai saɓani kan yadda za a yi aiki, akwai saɓani na ƙin juna. Sai dai a yi hattara da masu cewa na farko alheri ne tsantsa. A 2003 Carsten De Dreu da Laurie Weingart sun tattara bincike da dama suka ga cewa duka biyun sukan rage ingancin aiki, kuma na aiki yakan rikiɗe ya zama na ƙiyayya cikin sauƙi. Saboda haka ba aikin shugaba ba ne ya hura wuta wai don tawaga ta wuce matakin. Aikinsa shi ne ya fito da abin da ke ɓoye da wuri, ya taƙaita shi, ya kai shi ga hukunci.

Maigidanmu sai ya ɗauko uku daga rigunan da aka dawo da su, ya shimfiɗa a teburin yanka, ya ajiye tef a gefe, ya kira kowa. Bai tambayi wa ya yi ba. Ya ce, "Baba, don Allah auna mana hannun nan mu gani, daga ina aka rasa rabin inci?" Da aka auna, sai ta bayyana cewa Baba yana barin rabin inci na kalmasa kamar yadda ya saba, su kuwa baƙin teloli suna cinye inci guda kamar yadda ake yi a shagonsu. Ba wanda ya yi ha'inci. Ƙa'ida ce ba a faɗa ba. Da wannan ƙofa ta buɗe, sai ta biyu ta biyo baya, wadda ita ce ainihin abin da ke cin mutane: ana biya ne a kan kowane saiti da tela ya gama, amma yanka ba ya isar teloli huɗu, don haka wanda ya riga zuwa teburin Baba shi ke samun kuɗin ranar, kuma yaran shago ne ke riga saboda su ke buɗe ƙofa. Baƙin sun ɗauka son kai ne. Tsarin biya ne ya haɗa su faɗa.

A lura da dabarar. Ya bar dattijo ya riƙe tef da hannunsa, don haka mutuncinsa bai zube ba. Ya sa abu a gaban kowa wanda za a iya aunawa. Kuma inda kunya ta hana ƙarami magana, shugaba kan fara tambayar ƙarami kafin babba, domin idan babba ya riga ya faɗi ra'ayinsa, ƙarami zai ce shi ma haka ya gani. Amy Edmondson da abokan aikinta sun bi tawagogin tiyatar zuciya 16 da ke koyon sabuwar hanyar aiki ba tare da tsaga ƙirji gaba ɗaya ba, suka wallafa sakamakon a 2001. Waɗanda suka fi saurin ƙwarewa su ne waɗanda babban likitansu ya zaɓi mutanensa da kula, ya ce musu a fili yana buƙatar su yi magana in sun ga wani abu, kuma ya bar mutanen nan dai suna aiki tare ba a yi ta sauya su ba. Matsayin asibitin ko girman sunan likitan bai yanke hukunci ba.

Daga wannan zama ne ake shiga mataki na uku, daidaitawa. Shagon ya tsayar da abubuwa kaɗan: kalmasa rabin inci, an yanka kwali an ba kowa ya auna da shi, ɗaya daga yaran shago zai riƙa taya Baba yanka da safe, za a daina ɗinka saiti sukutum, biyu su riƙe riguna, biyu wanduna, kuɗin mako kuma a raba bisa jimillar abin da aka fitar. Bambancin waɗannan ƙa'idoji da na ranar farko shi ne daga bakinsu suka fito, shi ya sa za su tsare su ko Maigida ba ya nan. Alamar an shigo wannan mataki ita ce harshe ya sauya daga "aikina" zuwa "aikinmu", wasa ya dawo, kuma tela zai miƙa wa ɗan'uwansa riga ya ce duba mini wuyan nan ba tare da jin nauyi ba.

Shugaba a nan sai ya fara ja da baya kaɗan-kaɗan. Idan aka kawo masa tambaya, ya mayar da ita: ku me kuka gani? Amma akwai abu biyu da ba zai saki ba. Na farko, karya ƙa'ida karon farko, musamman in na kusa da shi ne ya karya. Idan yaronsa ya yi watsi da kwalin awo aka kyale shi, duk yarjejeniyar ta rushe a ranar. Na biyu, daɗin zaman lafiya kansa. Mutanen da suka sha wahalar saɓani sukan ƙi duk abin da zai tayar da shi, har su ga kuskure su yi shiru don kada a ɓata zumunci. Irving Janis ya rubuta littafi a 1972 kan yadda irin wannan haɗin kai ke sa mutane masu hankali su yanke mummunar shawara tare. Maganinsa a shago ƙarami ne: kowace Asabar a ɗauko riguna biyar ba zaɓe, a auna a gaban kowa.

Mataki na huɗu bai buƙatar dogon bayani, domin duk wanda ya taɓa ganinsa ya san shi. Wuta ta ɗauke, kafin Maigida ya ɗago kai wani ya tayar da janareta. Mai wanduna ya ga riguna sun taru, ya koma can ba wanda ya ce masa. Adadi ya haura 100 a mako. Aikin shugaba ya koma waje: yadi da zare kada su yanke, man janareta, karɓo kuɗi daga makaranta, hana a cusa musu wani aiki a tsakiya. Jarrabawarsa a nan ita ce ya jure ganin ba a nemansa. Wanda bai jure ba yakan dawo yana tsoma baki a abin da ke tafiya daidai, ya mayar da mutane ga jiran umarni. Idan kwangila ta ƙare kuma, rabuwa ma aiki ce: a biya kowa hakkinsa cif a kan lokaci, a zauna a faɗi abin da za a sake da wanda za a gyara, a gode wa kowa da sunan abin da ya yi. Telan da aka sallama da mutunci shi ne zai amsa kira a kwangila ta gaba.

Sai dai gaskiya ta wajabta a faɗi iyakar wannan tsari. Fiye da rabin maƙalun da Tuckman ya duba kan rukunonin masu jinyar damuwa ne da ke zama da likita suna tattaunawa, wasu kuma na masu horon sanin halayyar juna, ba ma'aikata masu wa'adi a wuya ba. Shi da kansa ya ambaci wannan rauni. A cikin bincike 22 na 1977 kuwa, ɗaya ne kawai aka shirya musamman don gwada tsarin. A 1988 Connie Gersick ta bi tawagogin aiki takwas daga farkonsu har ƙarshe, ba ta ga matakai a jere ba. Abin da ta gani shi ne tawaga kan kama wata hanya tun a zaman farko, ta bi ta har tsakiyar wa'adinta, sannan a daidai tsakiyar nan ta farga cewa lokaci ya tafi, ta sauya salo gaba ɗaya. Haka ya faru ga masu wa'adin kwanaki da masu na watanni.

A ganina biyun ba sa karo, kowanne wani gefe ya haska. Tuckman yana gaya maka abin da za ka duba a tsakanin mutane, Gersick tana gaya maka lokacin da kunnuwansu za su buɗe. A shagonmu ƙarshen mako na huɗu ne tsakiya. An yi saiti 200 maimakon 300, saura 400 a mako huɗu. Ranar da aka rubuta wannan lissafi da alli a bango, sauya tsarin biya ya zama abu mai sauƙin karɓa, alhali da an kawo shi a mako na biyu da an ce Maigida yana son rage wa mutane kuɗi. Shugaba mai dabara yakan sa ranar tsakiya a kalandarsa tun farko, ya tanadi manyan gyare-gyarensa domin ta.

Matakan kuma ba sa tafiya gaba kawai. Idan Baba ya kwanta rashin lafiya aka kawo wani mai yanka, tawagar ta koma haɗuwa, ko da na kwana biyu ne, kuma sai an sake yi wa sabon bayanin kwalin awo da dalilinsa. Idan makaranta ta sauya launin yadi a mako na shida, taƙaddama na iya dawowa.

Haɗari mafi girma shi ne shugaba ya fake da sunan mataki, ya ce ai taƙaddama ce za ta wuce. Akwai hanyar ganewa. Saɓanin girma yakan sauya batu: yau awo, gobe biya, kuma kowane zama yana rufe ƙofa ɗaya. Idan kuwa batu ɗaya ne ke dawowa bayan an yanke hukunci a kansa sau biyu ko uku, to matsalar tana cikin ginin tawagar. Ko an ba mutum biyu iko ɗaya, ko tsarin lada yana sa ribar wani ta zama asarar wani, ko kayan aiki ba su isa ba, ko kuma akwai mutum ɗaya da ke wulaƙanta sauran. Waɗannan ba sa warkewa da jira. Sai shugaba ya raba ikon a rubuce, ko ya sake tsarin ladan, ko ya ƙaro keke, ko ya kira mutumin nan a keɓe ya faɗa masa abin da zai daina da ranar da za a sake dubawa, in bai daina ba a sallame shi kafin sauran su fara tafiya ɗaya bayan ɗaya.